Jarrabawa daga ɗaki ko a cibiya: idan wuta ta ɗauke, asarar wa?

Duk wanda ya zo biyan kuɗin jarrabawar satifiket ta AWS, ko CompTIA, ko Microsoft, zai tarar da zaɓi biyu a gabansa. Ko dai ya je cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, ya zauna a kan kwamfutarsu, ko kuma ya rubuta daga ɗakinsa ta manhajar OnVUE, wani mai sa ido yana kallonsa ta kyamara daga wata ƙasa. Tambayoyin iri ɗaya ne, lokacin ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne, kuma satifiket ɗin da zai fito ba ya nuna inda aka zauna. Shi ya sa da yawa daga cikin matasanmu suke danna zaɓin gida ba tare da dogon tunani ba. Wa zai so ya kama hanyar Abuja daga Kano, tafiyar fiye da kilomita 400, alhali zai iya gamawa a ɗakinsa?

Amma akwai bambanci, kuma ba a cikin tambayoyin yake ba. Bambancin shi ne wanda zai ɗauki asara idan wani abu ya lalace. A cibiya, idan wuta ta ɗauke, ko intanet ta tsinke, ko kwamfuta ta daskare, matsalar cibiya ce. Ma'aikacin da ke wurin zai tayar da na'urar ka ci gaba, in abin ya gagara ya rubuta rahoto a sake ba ka wata rana. A gida kuwa, kai ne mai cibiyar. Wuta taka ce, intanet taka ce, shirun ɗakin ma a wuyanka yake. Idan ɗaya daga cikinsu ya gaza, kai za ka yi ta bayani, kuma ba kullum bayanin yake dawo da kuɗi ba.

Don maganar ta tsaya a kan ƙafa ɗaya, bari mu ɗauki jarrabawa guda mu bi ta, wato AWS Certified Solutions Architect – Associate. Tambayoyinta 65 ne, lokacinta minti 130, kuɗinta dala 150, makin tsallakewa kuma 720 cikin 1,000. Wanda Turanci ba harshen uwa ba ne gare shi yana da damar neman ƙarin minti 30, wanda a shafin ake rubuta shi `ESL +30 MINUTES`. Sharaɗin shi ne a nema kafin a zaɓi ranar jarrabawa, ba bayan an zaɓa ba. Ban ga dalilin da zai sa Bahaushe ya bar wannan dama ba, domin tambayoyin dogaye ne, wata sai ka karanta ta sau biyu kafin ka gano abin da take nema. Da ƙarin, lokaci ya zama minti 160. Tantancewa, wato duba katin shaidarka da ɗakinka, tana buɗewa minti 30 kafin lokacin da aka ba ka, wani sa'in kuma ka ɗan jira a layi kafin mai sa ido ya karɓe ka. Ke nan zaman da ake kira na awa biyu da 'yan mintoci ya haura awa uku. Ni awa huɗu nake ƙirgawa, kuma duk lissafin da zai biyo baya a kan awa huɗun nan yake.

Lissafin wuta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi batirin laftof a ce ai yana kai awa uku. Lokacin jarrabawa kyamara a kunne take, makirufo a kunne, kuma na'urar tana tura hotonka ta intanet ba tsayawa. Batirin da yake kai awa uku ana karatu ba zai kai haka ba a wannan yanayi. A Windows za ka iya ganin gaskiyar lafiyarsa in ka buɗe `Command Prompt` ka rubuta wannan umarni:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai ajiye rahoto a wani fayil ya nuna maka inda yake, a cikinsa akwai layi biyu da suka shafe ka, `DESIGN CAPACITY` da `FULL CHARGE CAPACITY`. Na farko ƙarfin batirin ne yana sabo, na biyu abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun ya sauko rabin na farko, kamar yadda ake yawan gani a kwamfutocin gwanjo da muke saya, to batirin bai wuce abin tsallake ɗan gajeren ɗaukewar wuta ba.

Ko da batirin laftof ɗin lafiyayye ne, ba shi kaɗai ke cin wuta ba. Akwai rautar da ke ba ka intanet, akwai kuma ƙwan fitila. Idan wuta ta ɗauke, laftof ba za ta mutu ba, amma rauta za ta mutu. Kafin a tayar da janareta ta sake kamawa, minti biyu ko uku sun wuce, kuma a wajen mai sa ido ka ɓace ke nan. In da dare ne, ɗakin zai yi duhu, fuskarka ta daina fitowa a kyamara, wanda shi ma dalili ne na tsayar da jarrabawa. Saboda haka dabarar ba ita ce tanadin abin da za a koma kansa in wuta ta ɗauke ba. Dabarar ita ce a ɗora komai a kan inbata tun daga farko, yadda ɗaukewa da dawowar wuta ba za su taɓa ka ba.

Ga yadda lissafin yake. Cajar laftof ta saba kaiwa wat 65 in ta ja iya ƙarfinta, rauta kamar wat 12, ƙwan fitila na zamani wat 10. Jimla wat 87, mu cika shi 90. A awa huɗu, 90 sau 4 ya ba da 360 na wat a awa. Batirin inbata mai bolt 12 da amf 100 yana ɗauke da 1,200 a rubuce, amma in na ruwa ne ko makamancinsa, rabi kawai ake so a ja don kada ya lalace, ke nan 600. A cire abin da inbatar kanta take ci, sai a tashi da kamar 500. To 500 ya rufe 360, har da saura. Yanzu a ƙara fanka mai wat 60, domin babu mai iya zaman awa uku a rufaffen ɗaki a watan Afrilu ba fanka. Jimla ta koma 150, sau 4 ya zama 600, ya wuce abin da batirin zai bayar. Wanda ke cikin wannan hali sai dai ya nemi fanka mai caji, ko ya zaɓi safiya kafin rana ta yi zafi, ko ya ƙara batir. Wannan duka in batirin sabo ne. Wanda ya shekara biyu yana aiki, sai an gwada shi da agogo.

Janareta tana iya aikin, amma a nesanta ta da taga. Makirufo yana ɗaukar ƙararta, kuma idan mai sa ido ba ya jin abin da ke faruwa a ɗakin zai yi maka magana. A cika tanki tun farko, don babu halin tashi a ƙara mai.

Intanet: gudu daban, tsayuwa daban

Abin da OnVUE take nema ba shi da yawa. Saukewa 6 Mbps ne, turawa kuma kamar 2 zuwa 3. Mutum zai yi gwajin gudu ya ga 20 ko 30 ya ce shi ke nan. Gwajin gudu na daƙiƙa talatin ne, jarrabawa kuwa ta awa uku ce, kuma abin da take buƙata shi ne layin da ba ya numfashi. Netwok ɗin da ke ba da 8 a tsaye ya fi wanda ke ba da 40 yana tsinkewa duk bayan minti goma. Sannan turawa ta fi saukewa muhimmanci a nan, tunda hotonka ne yake fita, kuma a layukan waya turawar ce ta fi rauni.

Gwajin da ya fi nuna gaskiya shi ne wannan, a buɗe `Command Prompt` a rubuta:

```
ping -n 300 8.8.8.8
```

Zai ɗauki kamar minti biyar, a ƙarshe ya nuna adadin saƙonnin da suka ɓata a gaban kalmar `Lost`, da kuma mafi tsawon jinkiri a gaban `Maximum`. Idan babu wanda ya ɓata, ko ɗaya ne ko biyu a warwatse, layin yana da kyau. Idan ka ga `Request timed out` sau biyar ko shida a jere, wannan ita ce irin tsinkewar da ke yanke jarrabawa. A yi gwajin a daidai ranar mako da sa'ar da za a rubuta, a kuma ɗakin da za a zauna. Netwok ɗin ƙarfe tara na safe ba shi ne na ƙarfe tara na dare ba, lokacin da duk unguwa ta hau waya.

Haɗa laftof da intanet ɗin wayar hannu, wato hotsifot, ƙa'idar OnVUE ta hana shi, kuma ko ba ta hana ba akwai dalili. Kira yana shigowa data ta yanke, waya tana yin zafi ta rage gudu, ga shi kuma wayar ce za ka yi tantancewa da ita sannan ka ajiye ta nesa da hannunka. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne rautar gida, a haɗa ta da laftof da wayar kebul maimakon Wi-Fi, a kuma roƙi mutanen gida su sauka daga kanta har a gama. Data kuma a saya da yalwa. Ko da za a ce ana tura 2 Mbps ba tsayawa na awa huɗu, jimlar ba ta wuce gig 3.6 ba, don haka wanda ya ajiye gig biyar ba zai ji tsoron ƙarewa ba. A duba ranar da datar za ta ƙare wa'adi, wannan ma yana kama mutane.

Ita kanta kwamfutar, Windows ko macOS ake so. Linux ba ta yi, haka Chromebook da kwamfutar hannu mai allon taɓawa irin iPad. Allo ɗaya kacal aka yarda da shi, in akwai na biyu a cire shi daga wuta. VPN a kashe, abin sawa a kunne kuma ba a yarda da shi ba, sai makirufo da lasifikar jikin na'urar. Laftof ɗin ofis ta fi ba da wahala, domin takan zo da manhajojin tsaro da mai amfani da ita ba shi da ikon kashewa, OnVUE kuma ba ta buɗe jarrabawa sai an rufe duk abin da take zargi. Zoom, Teams, AnyDesk, TeamViewer da makamantansu sukan maƙale a bayan fage ko an rufe tagarsu, sai an bi su a `Task Manager`. A kuma dakatar da `Windows Update` tun jajibiri. Pearson VUE tana da gwajin na'ura da ake kira `System test`. A yi shi kafin a biya kuɗi, a sake yi ana gobe, a kan kwamfutar da intanet ɗin da za a yi amfani da su. Sai dai a sani, cin wannan gwaji yana nufin na'urar ta dace ne a mintocin da aka yi shi, bai ce komai ba game da awa ta uku.

Ɗakin, da mutanen gida

Nan ne nake ganin mutanenmu suka fi shiga haɗari, kuma ba laifinsu ba ne. An tsara ƙa'idar ne da tunanin mutumin da ke da ɗakin da zai rufe awa uku babu mai nemansa. Gidajenmu ba haka suke ba. Ƙa'idar ta ce kada kowa ya shigo, kada a ga wani a kyamara ko da giftawa ce, kada ka yi magana da kowa, kada ka tashi daga gaban kyamara. A jarrabawar AWS ta gida babu hutu sam, ko na kewayawa. Yaro ya turo ƙofa ya leƙo, ko ka miƙe don ka rufe taga, ana iya soke jarrabawar nan take, kuɗin kuma sun tafi.

Ka yi tunanin an yi sallama a ƙofar ɗaki, muryar mahaifinka ce ko ta yayanka. Baki da kansa zai amsa kafin ka tuna inda kake. Maganin wannan ba sakata ba ce kaɗai, ko da yake dole a saka ta. Sai an zauna da mutanen gida tun kafin ranar an yi musu bayani sosai, a ce Baba, daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu ko an kira ni ba zan iya amsawa ba, ba rashin ladabi ba ne, amsawar ce za ta jawo asarar kuɗin. Sannan a sa mutum ɗaya, ƙane ko mata ko aboki, ya tsare ƙofa ya tari duk mai nema, ya kuma kula da inbata.

Akwai wata ɗabi'a da ba a cika lura da ita ba. Da yawanmu mun taso da karatu a bayyane tun daga makarantar allo, har yau idan tambaya ta yi wuya leɓe yakan motsa. Wasu kuma addu'a suke yi ƙasa-ƙasa. Mai sa ido ba ya bambance wannan da karanta wa wani tambaya, zai gargaɗe ka, in ka maimaita yana iya tsayar da kai. Haka rufe baki da hannu, da yawan kallon gefe ko sama yayin tunani. A yi addu'ar kafin a zauna, sauran a bar wa zuci. Hanyar gane ko kana da ɗabi'ar ita ce ka kunna kyamara ka ɗauki kanka kana amsa tambayoyin gwaji na rabin awa, sannan ka kalla.

Zaɓen lokaci ma yana cikin shirin ɗaki. OnVUE tana ba da lokuta dare da rana, wanda babbar fa'ida ce a kan cibiya. Da rana, tazarar da ta fi faɗi babu salla a ciki ita ce daga asuba zuwa azahar, don haka farawa ƙarfe takwas ko tara ya fi dacewa da zaman awa huɗu. Wanda ya zaɓi ƙarfe biyu na rana, la'asar za ta riske shi a zaune, in kuma gidan yana jikin masallaci lasifika za ta cika makirufo. A duba saƙon tabbatarwa da kyau a ga `AM` ne ko `PM`, da kuma agogon ƙasar da aka rubuta.

A lokacin tantancewa za a turo maka mahaɗi a waya. Za ka ɗauki hoton fuskarka, da na katin shaidarka, da hotuna huɗu na wurin zamanka, gaba da baya da dama da hagu. Tebur ya zama babu komai sai kwamfuta: ba littafi, ba takarda, ba biro, ba agogon hannu. Duk rubutun da ke bango kusa da kai, ko kalanda ko jadawalin karatu, gara a sauke shi, littattafai kuma a kai su inda hannu ba ya kaiwa. Haske ya zo daga gabanka. In taga tana bayanka, kyamara za ta mai da fuskarka inuwa. Mai sanye da hijabi ba a hana ta ba, sai dai ana iya neman ta nuna cewa babu na'ura a kunnenta. Tunda babu takarda, abin zane kawai shi ne wani farin allo a cikin manhajar, wanda ake rubutu a kansa da linzami. Wanda ya saba zana tsarin sadarwa da hannu kafin ya amsa tambaya zai ji takura. A cibiya ana ba da ɗan allo da alƙalami mai gogewa, kuma ga wasu wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya.

Katin shaida yana kayar da mutane a gida da cibiya baki ɗaya. Ana son na gwamnati, na asali, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, mai hoto da sa hannu. Fasfo ya fi komai sauƙi, sai lasisin tuƙi. Hoton kati a waya ko kwafinsa ba ya karɓuwa, takardar da aka buga a shagon kwamfuta kuma ba abin dogaro ba ce. Sunan da ke katin dole ya yi daidai da na rajista. Wanda ya rubuta Muhammad a rajista alhali fasfonsa Mohammed ne, ko ya sa sunan da ake kiransa da shi a gida, ya gyara tun da sauran kwanaki, domin gyaran ba a take yake ba. A cibiya AWS tana neman shaida biyu, a gida ɗaya. Wanda kuma ya makara fiye da minti 15, ko ina ne, ana lissafa shi bai zo ba.

Yanzu a ɗora duka a kan mutum ɗaya. A ce matashi ne a Kano, yana da laftof ta hannu mai rabin batir, da rauta mai layin waya, da inbata mai batir ɗaya, gidansu kuma na gandu ne. Kafin ya biya dala 150, abin da zan ce ya yi shi ne cikakken gwaji. Ya zaɓi safiyar wata rana irin wadda yake so, ya kashe wutar gari da hannunsa, ya ɗora komai a inbata, ya rufe ƙofa, ya kunna kyamara, ya bar `ping` yana gudu, ya zauna awa huɗu yana amsa tambayoyin gwaji. In inbatar ta fara kuka a awa ta uku, ko layin ya tsinke sau biyu, ko an buga ƙofa ya amsa, to ya samu amsarsa. Sai ya shiga shafin Pearson VUE ya duba cibiya mafi kusa da ranakun da take da gurbi, ya haɗa kuɗin mota da na kwana ɗaya, ya auna su da dala 150 da zai sake biya in an soke zamansa. Sau da yawa tafiyar ta fi araha. In kuwa awa huɗun suka wuce lami lafiya, zaman gida ya fi masa, don zai rubuta da hutaccen jiki a kan kwamfutar da hannunsa ya sani. AWS tana barin a sauya rana matuƙar da sauran awa 24, saboda haka ko bayan biya, in alamu suka canza, akwai ƙofar gyara.

In duk da shirin layin ya yanke ana tsakar rubutu, agogon jarrabawar yana tsayawa, kuma mai sa ido zai neme ka ta akwatin saƙon manhajar ko ta lambar wayar da ka bayar. Don haka ne ake ajiye wayar nesa da hannu amma inda za a ji ƙararta. Kada ka fita daga ɗakin neman gyara, mai tsaron ƙofa ne zai duba rauta. Idan intanet ta dawo, ka sake buɗe OnVUE, yawanci za a mai da kai kan tambayar da ka tsaya. Idan ta ƙi komawa, ka tuntuɓi sashen taimako na Pearson VUE a ranar, ka faɗi ƙarfe nawa abin ya faru da saƙon da ya fito a allo, ka kuma karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta ta, domin da ita za a bi maganar ba ka wata rana.